Ta yaya e^(ix) ya zama cos x + i·sin x? Fashin baƙi ta hanyar jerin fawa

Duk bayan ɗan lokaci sai wannan layin ya sake yawo, e^(iπ) + 1 = 0, ana ta cewa wai shi ne lissafin da ya fi kowane kyau a duniya, wasu ma har su mayar da shi kamar wani abin tsafi. A ɗaya gefen kuma akwai masu cewa ai damfara ce kawai ta masu lissafi, domin ta yaya za ka ɗauki e, wato 2.718 da 'yan kai, ka ninka shi da kansa "sau i", alhali i ɗin ma ba lambar da ake ƙirga abu da ita ba ce? Kuma ko mun yarda an yi hakan, me ya kawo cos da sin cikin maganar, su da muka sani a wajen kusurwa da alwatika? Wannan tambayar ta biyu ita ce ta gaske, kuma tana da amsa wadda duk mai biro da takarda zai iya bi da kansa. Layin da ke yawo ɗin ɗan yanki ne kawai na wata fomula mai faɗi, wadda ake kira fomular Euler:

e^(ix) = cos x + i·sin x

Sa x = π a ciki, wato digiri 180 a ma'aunin kusurwa na radiyan, cos π shi ne −1, sin π sifili ne, shi ke nan ka samu e^(iπ) = −1. Don haka mu bar ɗan, mu kama uwar.

Mu fara da i, ba ta da wani abin tsoro

Abu ɗaya tak ake nema ka karɓa game da i, shi ne i × i = −1. A cikin lambobin da muka saba da su babu mai wannan halin, don ko lamba mai mainos ce in ka ninka ta da kanta mainos ɗin ɓacewa yake yi, to sai aka ƙirƙiro sabuwa aka ba ta wannan aikin. Descartes ne ya laƙaba wa irin waɗannan lambobi sunan imajinari a 1637, wato lambobin zato, kuma sunan ya ɓata musu suna har yau, mutane na jin kamar ƙarya ce ake yi. Ni dai zan riƙa cewa lambar zato da lambar zahiri, amma ka sani suna ne kawai.

Yanzu ka yi ta ninka i da kanta ka ga abin da zai faru. i¹ = i. i² = −1. i³ shi ne i² × i, wato −i. i⁴ kuwa (−1) × (−1) ne, wato 1. Daga nan an dawo gida, i⁵ = i, i⁶ = −1, i⁷ = −i, i⁸ = 1, haka za a yi ta zagaye huɗu-huɗu har abada. Riƙe wannan zagayen da kyau, rabin amsar ke nan wallahi.

Akwai kuma hanyar gani da ido. Zana layi a kwance na lambobin zahiri, 1 a gabas, −1 a yamma, sannan layi a tsaye na lambobin zato, i a arewa, −i a kudu. Ninkawa da i ya zama juyawa hagu da digiri 90: daga gabas zuwa arewa, zuwa yamma, zuwa kudu, a dawo gabas. Za mu yi tafiya a kan wannan taswirar nan gaba.

Me ake nufi da jerin fawa, kuma ina e^x ya samo nasa?

Fawa a nan ba ta mahauta ba ce, ita ce 'yar lambar nan da ake ɗorawa a saman x, kamar x², x³. Jerin fawa kuwa tarawa ce marar ƙarshe, wata lamba sau 1, a tara da wata lamba sau x, da wata sau x², da wata sau x³, haka dai. Kowane guntu a ciki zan kira shi gaɓa. Dabarar ita ce abubuwa da yawa masu wuyar lissafi ana iya rubuta su a wannan siffar, sai su koma tarawa da ninkawa da rabawa kawai.

Abin da ya bambanta e^x da kowa shi ne saurin canjinsa, abin da ake kira diribetib a aji, daidai yake da shi kansa. In ya kai 5, da saurin 5 yake hawa, in ya kai 100 da saurin 100 yake hawa. Sannan a x = 0 yana kan 1. Waɗannan sharuɗɗa biyu sun isa su tilasta mana jerin gaba ɗaya, ba sai an haddace ba. Gaɓar farko dole 1 ce. Tunda saurin canjin jerin dole ya dawo da jerin, to sai mu nemi gaɓar da saurin canjinta zai ba da 1, ita ce x. Sai wadda saurin canjinta zai ba da x, to x² yana ba da 2x, ya yi yawa, sai a raba shi biyu, x²/2. Sai wadda za ta ba da x²/2, x³ yana ba da 3x², don haka sai an raba da 6. Ka ga 6 ɗin nan 3 × 2 × 1 ne, na gaba 24 wato 4 × 3 × 2 × 1, na gaba 120, na gaba 720. Wannan shi ake kira faktoriyal, ana rubuta shi da alamar motsin rai, 4! = 24. To ga jerin:

e^x = 1 + x + x²/2! + x³/3! + x⁴/4! + x⁵/5! + ...

Gwada shi da x = 1. 1 da 1 biyu, da 0.5 ya zama 2.5, da 0.16667 ya zama 2.66667, da 0.04167 ya zama 2.70833, da 0.00833 ya zama 2.71667, da 0.00139 ya zama 2.71806. Gaɓa bakwai kacal, ga mu a bakin ƙofar 2.71828 wanda shi ne e.

Jerin cos da na sin

Su kuma waɗannan biyun wasan miƙa wa juna suke yi. Saurin canjin sin shi ne cos, na cos shi ne −sin, na −sin shi ne −cos, na −cos kuma ya dawo sin. Ka ƙirga, taku nawa aka yi aka dawo gida? Huɗu. Daidai da i. Duk wanda ya lura da wannan ya fara jin ƙanshin amsar tun kafin a gama girki.

Ƙa'idar gina jerin, wadda ake dangantawa da Taylor da Maclaurin, ita ce lambar da ke gaban xⁿ ana samunta ne in an ɗauki saurin canji sau n, a duba darajarsa a sifili, a raba da n!. Ga cos, a sifili za ka yi ta samun 1, 0, −1, 0, 1, 0, −1, 0. Ga sin kuwa 0, 1, 0, −1, 0, 1, 0, −1. Duk inda sifili ya faɗo gaɓar ta mutu, sai ya rage:

cos x = 1 − x²/2! + x⁴/4! − x⁶/6! + ...

sin x = x − x³/3! + x⁵/5! − x⁷/7! + ...

Tsaya ka kalli jeri ukun nan tare. cos ya kwashi gaɓoɓin fawa 0, 2, 4, 6 na e^x, sin ya kwashi na 1, 3, 5, 7, babu gaɓar da aka bari babu wadda aka maimaita, kamar an raba gado tsakanin 'yan'uwa biyu. Abin da kawai ya hana a ce cos x + sin x = e^x shi ne alamomin, a jerin e^x duk tarawa ce, a nan kuwa ana tara ɗaya a ɗebe ɗaya. Wato muna neman wani abu da zai zo ya rarraba gaɓoɓin gida biyu, kuma ya manna mainos a inda ya dace.

Af, jerin sin da cos ɗin nan sun girmi Euler nesa ba kusa ba. Madhava a Kerala ta ƙasar Indiya ya same su tun wajen ƙarni na 14, kafin Newton ya sake gano su a Turai da tasa hanyar.

Sai a zuba ix a ciki

A jerin e^x, duk inda ka ga x ka cire ka sa ix. Gaɓa ta n ta zama (ix)ⁿ/n!, wato iⁿ sau xⁿ/n!. Girman gaɓar bai canza ba ko kaɗan, iⁿ ɗin ne kawai ya zo ya tsaya a gabanta, shi kuma mun san zagayensa, 1, i, −1, −i:

e^(ix) = 1 + ix − x²/2! − i·x³/3! + x⁴/4! + i·x⁵/5! − x⁶/6! − i·x⁷/7! + ...

Yanzu ware waɗanda ba su da i gefe guda: 1 − x²/2! + x⁴/4! − x⁶/6! da sauransu. Ai cos x ke nan, har da alamominsa. Masu i kuma ka fito da i ɗin waje, abin da ya rage a ciki x − x³/3! + x⁵/5! − x⁷/7!, wato sin x. An gama. Aikin da i ta yi bai wuce na mai rabo ba, ta tura gaɓa ɗaya layin kwance, ta tura ta gaba layin tsaye, kuma duk bayan taku biyu ta juya alama saboda i² = −1. Dalilin da ya sa rabon ya faɗo daidai kan cos da sin shi ne zagayen huɗu na i da zagayen huɗu na saurin canjinsu abu ɗaya ne a cikin riga biyu.

Mu gwada da lamba kar ya zama zance. Ɗauki x = 1. Gefen zahiri: 1 − 0.5 ya ba da 0.5, tara 1/24 ya zama 0.541667, ɗebe 1/720 ya zama 0.540278, tara 1/40320 ya zama 0.540303. Kalkuleta za ta ce maka cos 1 = 0.540302. Gefen zato: 1 − 1/6 ya ba da 0.833333, tara 1/120 ya zama 0.841667, ɗebe 1/5040 ya zama 0.841468, ita kuma kalkuleta ta ce sin 1 = 0.841471. To ga amsar tambayar e a fawar i, kusan 0.5403 + 0.8415i ne.

Tafiyar da ke ƙarewa a −1

Wannan ne ɓangaren da na fi so, don a nan ne π ke daina zama abin mamaki. Ka koma taswirar nan ta gabas da arewa, ka tsaya a tsakiya, kowace gaɓa taku ce, kuma bayan kowane taku za ka juya hagu digiri 90 saboda an ƙara ninkawa da i. Tunda x = π muka sa, tsawon takun shi ne πⁿ/n!.

Taku na farko 1, gabas. Juya hagu, 3.14 arewa. Juya hagu, 4.93 yamma, yanzu kana −3.93 a layin kwance, ka wuce −1 da nisa. Juya, 5.17 kudu, wannan shi ne taku mafi tsawo a tafiyar duka, ya sauko da kai daga 3.14 zuwa −2.03. A nan mutum zai ce ai wannan tafiyar ba ta da niyyar tsayawa, sai ƙara faɗi take. Amma daga nan faktoriyal ya fara cin ƙarfin fawar. Taku na gaba 4.06 gabas, kana 0.12. Sai 2.55 arewa, kana 0.52. Sai 1.34 yamma, −1.21. Sai 0.60 kudu, −0.075. Sai 0.235 gabas, −0.976. Sai 0.082 arewa, 0.007. Sai 0.026 yamma, −1.002. In ka zana wannan a takarda za ka ga wani murɗaɗɗen layi mai kusurwoyi kamar bayan dodon koɗi, yana ta matsewa yana matsewa a kan wuri ɗaya, −1 a kwance, sifili a tsaye.

Me ya sa takun ya daina girma a na huɗu, wato n = 3? Domin daga kowace gaɓa zuwa ta gaba ana ninkawa ne da π/n. Muddin n bai kai 3.14 ba ninkin ya fi ɗaya, taku na ƙaruwa. Da n ya kai 4 ninkin ya faɗo ƙasa da ɗaya, kuma kullum ƙara faɗuwa yake. Ko x miliyan ne haka za a yi, wata rana n zai wuce miliyan, faktoriyal ya yi nasara. Shi ya sa jerin e^x ke aiki ga kowace lamba.

To hujja ce ko kuwa ma'ana aka ƙirƙira?

A nan ne masu cewa damfara suke da 'yar gaskiya, kuma a ganina malamai da yawa suna tsallake wurin da sauri. Mun gina jerin e^x ne don lambobin zahiri. Wa ya ba mu izinin cusa ix a ciki? Kafin mu yi haka, e^(ix) ba shi da wata ma'ana da za a je a auna a ce mun dace ko mun kuskure, "ninka e da kansa sau i" ba magana ba ce. Don haka gaskiyar zance ita ce jerin ne muka ɗauka ya zama ma'anar e a fawar lambar zato. Da zarar an yarda da wannan ma'anar, to fitowar cos da sin hujja ce cikakkiya, ba wanda ya sa su da hannu.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne. Tun a 2⁰ da 2^(1/2) maganar "ninka da kansa sau kaza" ta riga ta rushe, wa ya taɓa ninka 2 da kansa sau rabi? Abin da aka yi shi ne aka riƙe doka ɗaya, cewa in ka ninka fawa biyu sai ka tara na samansu, sannan aka bar dokar ta faɗi ma'anar. Tunda 2^(1/2) sau 2^(1/2) dole ya ba da 2¹, to 2^(1/2) tushen 2 ne. Gwajin da za a yi wa sabuwar ma'anarmu ke nan, shin e^a × e^b = e^(a+b) tana nan da rai in a da b na zato ne? Tana nan, in ka ninka jeri biyun gaɓa da gaɓa ka tattara, jerin a + b ne ke fitowa, kuma lissafin bai damu da ko a na zahiri ne ko na zato ba. Haka ma halin nan na saurin canji bai ɓace ba. Saboda haka zaɓi ne, eh, amma ba na son rai ba, shi ne wanda ya bar dokokin da muka sani a tsaye.

Ga ribar nan take. Ninka e^(ix) da e^(−ix), dokar ta ce e⁰ ne, wato 1. Ta ɗaya hannun kuma (cos x + i·sin x)(cos x − i·sin x) yana ba da cos²x + sin²x. Wato nisan e^(ix) daga tsakiya kullum 1 ne, yana kan da'ira, ba ya girma ba ya raguwa, zagaye kawai yake yi yayin da x ke ƙaruwa. Wannan shi ke ɗaure wa mutane kai, sun saba e^x abu ne mai tashi sama kamar roka. Amma duba, saurin canjin e^(ix) shi ne i sau kansa, wato turin da ake yi masa kullum a gicciye yake zuwa, digiri 90 da inda yake fuskanta daga tsakiya, kuma abin da ake tura shi a gicciye koyaushe ba ya nisa, kewaye yake yi.

Inda abin ke iya lalacewa

Kar wani ya tafi da tunanin cewa kowane jeri marar ƙarshe ana iya yi masa yadda aka ga dama. Misali 1 + x + x² + x³ + ... daidai yake da 1/(1 − x), amma sai in girman x bai kai 1 ba. Sa x = 2, fomular ta ce −1, jerin kuma 1 + 2 + 4 + 8 ne yana tafiya ba waiwaye. Jerin e^x ya tsira daga wannan ne saboda faktoriyal ɗin da muka gani.

Na biyu ya fi wayo, shi ne sauya wa gaɓoɓi wuri. A tarawa mai iyaka ko ta ina ka fara amsa ɗaya ce, a marar iyaka ba dole ba. Ɗauki 1 − 1/2 + 1/3 − 1/4 + 1/5 − ..., jimlarsa kusan 0.693. Yanzu sake jera gaɓoɓin nan dai, ba ƙari ba ragi, amma bayan kowace ta tarawa ka sa na ɗebewa biyu: 1 − 1/2 − 1/4 + 1/3 − 1/6 − 1/8 + ... Haɗa 1 − 1/2 ya ba da 1/2, haɗa 1/3 − 1/6 ya ba da 1/6, sai ka ga jerin ya koma 1/2 − 1/4 + 1/6 − 1/8, wato rabin na farko cif, kusan 0.347. Kaya ɗaya, jimla biyu. Abin da ke hana wannan faruwa shi ne in ka cire duk alamomi ka tara girman gaɓoɓin zalla, jimlar ta tsaya a wata lamba. A wancan jerin ba ta tsayawa. A namu kuwa in ka cire i da mainos duka abin da ya rage jerin e^x ne na girman x, shi kuma yana tsayawa. Wannan shi ne lasisin da ya ba mu damar warewa da ninka jeri da jeri hankali kwance.

Na uku shi ne wanda ya fi kama ɗalibai, ni ma ya taɓa kama ni. x ɗin nan a radiyan yake, ba digiri ba. Na taɓa zama ina son tabbatar da sin 30 = 0.5 da jerin, na sa 30, gaɓa ta biyu kawai 27000/6 ce wato 4500, na yi ta kallon takarda ina zargin littafi. Laifina ne, digiri 30 shi ne π/6 a radiyan, 0.523599. Sa wannan: 0.523599 − 0.023925 + 0.000328 = 0.500002, gaɓa uku kacal. Dalili kuwa, maganar cewa saurin canjin sin shi ne cos a radiyan kaɗai take gaskiya, a digiri sai wani π/180 ya riƙa maƙalewa a kowane taku. Alamar da za ka gane ka faɗa wannan ramin ita ce in ka gwada cos 1 kalkuleta ta ba ka 0.9998 maimakon 0.5403, to tana kan DEG, mayar da ita RAD.

Waye ya fara, kuma ina ruwan wanda ba ɗan lissafi ba?

Roger Cotes a Ingila ya rubuta wani abu mai kama da ita a 1714 ta siffar logaridim, amma siffar da muke amfani da ita Leonhard Euler ne, haifaffen Basel, ya buga ta a littafinsa na 1748. Abin sha'awa, taswirar gabas da arewar nan da muka yi tafiya a kai ba ta bazu ba a lokacin, sai daga baya Wessel a 1799 da Argand a 1806 suka fito da ita.

Amfaninta na yau da kullum kuwa a taƙaice, duk abin da ke kaiwa da komowa, wutar lantarki ta AC, sauti, siginar rediyo da ta waya, da cos da sin ake bayyana shi, su kuma haɗa su da juna akwai ciwon kai. Fomular na mayar da su fawa, inda ninkawa ta zama tara kusurwa kawai. Injiniyoyin lantarki suna rubuta j a maimakon i don i ta riga ta zama alamar karan, wato kwararar wutar lantarki, a wurinsu. Ɗalibi ma yana da tasa ribar: faɗaɗa e^(ia) × e^(ib) = e^(i(a+b)), ka daidaita zahiri da zahiri, zato da zato, sai ga cos(a+b) = cos a·cos b − sin a·sin b da sin(a+b) = sin a·cos b + cos a·sin b sun faɗo tare a layi biyu, ba sai ka yi ta haddar inda mainos yake ba.

In za ka gwada a kwamfuta

Abu biyu za su iya ba ka mamaki. Na farko, jerin gaskiya ne ga kowane x a takarda, amma a na'ura in x babba ne yana ɓarna. A x = 20 gaɓoɓin sai sun kumbura har wajen miliyan 43 kafin su fara sauka, alhali amsar cos 20 ba ta wuce 0.408 ba. Kwamfuta tana riƙe alƙaluma 15 zuwa 16 ne kawai, to in kana tara miliyoyi kana ɗebe miliyoyi don ka samu abin da bai kai ɗaya ba, kusan rabin alƙaluman nan sun tafi a banza. Maganin shi ne a fara cire cikakkun zagaye, 20 − 6π = 1.1504, a sa wannan a jerin, amsa ɗaya ce kuma gaɓoɓi kaɗan sun wadatar.

Na biyu, rubuta wannan a Python:

```python
import cmath
print(cmath.exp(1j * cmath.pi))
```

Abin da zai fito shi ne `(-1+1.2246467991473532e-16j)`, ba −1 zalla ba. Wannan ɗan wutsiyar, sifili da ɗigo da sifili goma sha biyar kafin 1 ya bayyana, ba kuskuren Euler ba ne. `cmath.pi` ba π ba ne cif, an yanke shi a inda na'ura ta iya riƙewa, ya gaza π na gaskiya da kusan 1.22 × 10⁻¹⁶, don haka zagayen ya tsaya gab da rabin da'ira bai ƙarasa ba, kuma sin na wannan kusurwar shi ne daidai ɗan giɓin da ya rage.